Sashe na Takwas

A gida Auta ake ce mata, a wurin aiki kuwa Jan Biro. Mijin yayarta ne ya laƙaba mata sunan, lokacin da take aiki a ofishinsa na fassara, saboda ba takardar da take bi ta hannunta ta fita ba ta sha jan layi ba. Shekara tara ta yi a ofishin nan. Yanzu kuma shekararta biyu ke nan a lungun wani shagon fotokwafi, da tebur ɗaya, da kwamfuta mai tsagaggen murfi, da fankar da ba ta juyowa ɓangarenta sai ta ga dama. Takardun haihuwa take fassarawa, da takardun makaranta, da wasiƙun neman aiki. Aikin da a da ko kallonsa ba ta yi.

Ranar Litinin da hantsi wani lauya ya shigo shagon yana fifita da fayil. Gajere ne mai saurin magana, ya ja kujerar roba ya zauna tun ba a ce masa bismillah ba.

"Ke ce Jan Biro?"

"Haka suke cewa."

"An ce min idonki ba ya barin komai. An kuma ce min wani abu daban, amma wannan ba ruwana." Ya ajiye fayil ɗin. "Ina da wani mai gidan burodi, zai sayi injinan gasa burodi guda uku daga wani kamfani. Yarjejeniyar da Turanci take, shi kuma Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Kamfanin ya sa an fassara masa zuwa Hausa. Ranar Alhamis za a sa hannu. Ni Turancin na karanta, lafiya lau yake. Hausar nake so wani ya duba min, don ita mutumina zai riƙa buɗewa idan ba na nan."

Ta buɗe fayil ɗin, ta juya zuwa shafin ƙarshe kamar yadda ta saba. Hatimi ne shuɗi mai zanen alƙalami, ƙarƙashinsa sa hannu mai doguwar jela. Da idonta a rufe ma za ta gane jelar nan. Darakta ke nan, mijin Yaya, wanda ko 'ya'yansa Darakta suke ce masa.

Wani abu mai ɗumi ya taso mata daga ciki. Ta faɗa wa lauyan ya dawo Laraba, ta jawo kofin da take ajiye biro a ciki.

Abin da ya raba ta da wancan ofishin ba ɓoyayye ba ne, sai dai kowa ya ji shi ne daga bakin Darakta. Wata yarjejeniya ce ta kekunan ɗinki. A Turancin akwai wani sashe da masu cinikin suka cire abin da ke cikinsa, suka bar lambarsa tsaye, suka rubuta cewa an bar shi babu komai da gangan. Haka ta fassara shi. Takardar ta fita, bayan wata biyu mai sayen kekunan ya zo yana kumfar baki: wani sashe ya tura shi wani sashe, ya je ya tarar da maganar da ba ita ba, ya bi ta, har lokacin mayar da kayan da suka lalace ya wuce. Da aka buɗe takardar, sashen nan da babu komai ya yi ɓatan dabo, lambobin ƙasansa duk sun goce.

Ta ce wa Darakta, "Kai ka goge shi."

Ya ce, "Ni? Ko taɓa takardar ban yi ba. Kuma ma layin da babu komai a ciki ne zai jawo wannan? Kwamfuta ce take jera lambobi, ita ba ta kuskuren ƙirge. Ke dai kin rikice ne, Auta."

A gaban mai kekunan ya faɗa, a gaban ma'aikata ya faɗa, da yamma kuma ya je ya faɗa a ɗakin Inna, mahaifiyarsu, da murya mai taushi, wai yana jin tausayinta. Ita kuwa ba ta da shaida, domin fayil ɗin ɗaya ne a kwamfutar ofis, kuma abin da ke ciki shi ne abin da aka buga. Yaya ta ce, "Kowa yana kuskure, ki ba shi haƙuri kawai." Ba ta bayar ba, ta kwashe kayanta.

Korar ba ta yi mata ciwo kamar abin da Inna ta yi ba. Inna tana da ciwon suga da hawan jini, takardun asibitinta a wata jakar leda suke ƙarƙashin matashi, kuma tun Auta tana makarantar sakandare ita take karanta mata su: wannan ƙwaya ɗaya da safe, wannan bayan abinci. Daga ranar nan Inna ta daina miƙo mata jakar. Ba ta yi mata faɗa ba, ba ta ce komai ba. Sai dai idan Auta ta kai hannu, Inna ta ce, "Bari kawai, Darakta zai biyo." Shekara biyu tana jin wannan magana, kuma ba ranar da ta ji ta ba ta koma gida da ciwon kai ba.

Ta shimfiɗa takardun biyu gefe da gefe, Turanci a hagu, Hausa a dama. Tana da ƙa'idarta: ba ta karanta ko jimla ɗaya sai ta ƙirga ƙasusuwan takarda tukuna. Ta bi kanun sassan da bakin biro. Turanci, ashirin. Hausa, sha tara.

Dariya ta kufce mata, har mai shagon ya ɗago kai daga injinsa.

"Lafiya, Jan Biro?"

"Lafiya ƙalau. Rabon da in ji lafiya irin ta yau har na manta."

Ta koma Turancin. Ga shi nan, sashe na takwas, kalmomi biyu rak da ke cewa ba a yi amfani da shi ba. Da alama a can baya akwai maganar da aka yi ta ja-in-ja a kanta har aka cire, lauyoyi kuma suka bar lambar a wurinta don kada sauran su motsa. A Hausar, daga bakwai sai ga takwas ɗauke da abin da yake na tara ne. Mutumin nan bai koyi komai ba. Shekara biyu, da asarar da aka yi, da mutuncinta da ya zubar, duk bai koyi komai ba.

Fassarar kanta ba ta da laifi. Daga jimlar farko ta gane hannun Malam, tsohon malamin makarantar da yake zaune kusa da taga a ofishin Darakta, mai Hausa kamar an tace. Malam irin mutanen da ne: kanun sassa yana barin kwamfuta ta jera musu lamba, amma duk inda wani sashe ya ce a duba wani, da yatsansa yake buga lambar kamar yadda ya gan ta a Turanci. Saboda haka da aka goge layin nan, kanun suka hau sama da ɗaya ɗaya, lambobin da ke cikin jimloli kuwa suka tsaya inda suke. Duk wanda aka tura sashe na tara zuwa sama, gidan maƙwabci zai faɗa.

Ta zana jadawali mai gida uku a farar takarda: inda aka yi turin, inda ya kamata a sauka, inda ake sauka yanzu. Kwana biyu ta yi tana cika shi, ta bi har jadawalin da ke maƙale a baya. Turi ashirin da shida ta samu. Guda takwas daga ciki lafiyarsu lau, domin sassan farko suke nunawa. Sha takwas sun karkace.

Biyu daga ciki ta zagaye sau uku-uku. Na farko yana sashe na shida: idan inji ya zo da aibi, mai saye zai iya mayar da shi cikin wa'adin da ke sashe na 11.2. A Turanci 11.2 cewa ya yi a rubuta takarda cikin kwana goma sha huɗu da kafa injin. A Hausa wannan maganar ta koma 10.2, abin da ya zauna a 11.2 kuwa maganar garantin gyara ce, wata goma sha biyu. Mai burodi zai kwanta da saninsa yana da shekara guda, alhali mako biyu gare shi. Na biyun yana shafin farko: idan harsunan biyu suka saɓa, a duba sashe na ashirin. A Hausar babu sashe na ashirin. Maganar tana na sha tara, kuma cewa ta yi Turanci ne mai rinjaye.

Gaskiya, ba tausayin mai burodi ne ya fara zuwa mata ba. Daɗi ta ji, daɗi mai yawa, irin wanda mutum ba ya faɗa wa kowa. Amma ta san Darakta. Da an nuna masa zai dafa ƙirji, ya girgiza kai, ya ce tsufa ya kama Malam. Malam kuwa zai sunkuyar da kai ya karɓa, don yana da jikoki a gabansa. Wannan karon sai ta rufe masa wannan ƙofar kafin ya san ana rufewa.

Ranar Laraba lauyan ya karanta jadawalinta a tsaye, ya zauna, ya sake karantawa.

"Innalillahi. Da fa gobe an sa hannu." Ya share goshi. "To, ki rubuta min rahoto, in tura wa kamfanin su gyara."

"Rahoto za ka samu. Amma gobe ina so in zo, kuma ina so wanda ya buga hatimin ya zo."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Akwai wata a ƙasa ke nan."

"Akwai. Ba zan ɓoye maka ba, Barista. Amma duk abin da ke takardar nan gaskiya ne, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya ka gani."

Lauya ne, ya riga ya hango cewa kamfanin da ya ji kunya a gaban mai saye ba ya wahalar sassauci. Ya ce, "Ƙarfe goma. Zan ce mutumina yana so mai fassarar ya yi masa bayani."

Ɗakin taron kamfanin yana hawa na biyu. Dogon tebur ne mai gilashi, da robobin ruwa a jere, da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar da ruwa cikin bokiti. Wakilin kamfanin yana zaune da biro biyu sababbi a gabansa. Mai Burodi dattijo ne mai kauri, yatsunsa duk tabon ƙuna, ya riƙe kwafinsa na Hausa wanda ya riga ya lanƙwashe don karatu. Darakta ne ya shigo ƙarshe, turarensa ya riga shi. Da ya gan ta sai ya ɗan tsaya, sannan ya washe baki.

"A'a! Ƙanwata ta kaina! Ke aka ɗauko?" Ya juya ga wakilin. "Ni na koya mata aikin nan. Yarinya ce mai ƙoƙari, sai dai lambobi kan ba ta wahala wani lokaci."

Ta yi murmushi har da sunkuyar da kai. "Ina kwana, Darakta. Ai har yanzu koyo muke."

Lauya ya ce kafin a sa hannu mai duba fassarar tana da 'yan tambayoyi.

Ta ce, "Ba masu yawa ba ne. Na farko dai, fassarar ta yi kyau. Na daɗe ban karanta Hausa mai daɗinta ba. Malam ne ko?"

Fuskar Darakta ta ɗan canza. Yabo a gabansa ya tafi wurin wani, abin da ba ya iya haɗiyewa ke nan, kuma ta san haka tun tana 'yar shekara sha biyar yana zuwa zance wurin Yaya.

"Malam aikin farko kawai yake yi," in ji shi. "Amma abin da kike gani a gabanki, hannuna ne. Tun abin da ya taɓa faruwa," ya ɗan kalle ta, "ba takardar da take fita ofishina sai na zauna na bi ta da kaina, layi layi."

"Wato bayan Malam ya gama, kai ne na ƙarshe."

"Ni ne na ƙarshe. Daga kwamfutata sai firinta."

"Shi ya sa na ga shafukan tsaf, babu wani fili da aka bari."

"Yauwa, kin gani! Shi Malam komai ya gani sai ya kwafa, har layin da Turawan da kansu suka ce ba su yi amfani da shi ba. Na ce Malam, abin da masu shi suka yar, mu ne za mu tsince shi mu kai wa Alhaji? Na share shi."

Ta ji maganar ta sauka kamar ruwan sanyi a maƙogwaro. Lauya ya rubuta wani abu a takardarsa ba tare da ya ɗago ba.

Ta juya ga Mai Burodi. "Alhaji, ka karanta takardar nan?"

"Sau uku, 'yata. Har na kusa haddace ta."

"Idan an kafa maka inji ka ga ba ya gasa daidai, kana da kwana nawa ka mayar?"

"Shekara guda. Na shida ya ce in duba sha ɗaya da ɗigo biyu, na duba, wata goma sha biyu. Shi ya sa ma hankalina ya kwanta."

Wakilin kamfanin ya miƙe zaune. "A'a, Alhaji. Kwana goma sha huɗu ne. Wata goma sha biyun na gyara ne kawai, ba na mayarwa ba."

"Ga shi a rubuce!"

"Darakta," ta ce, "taimaka ka karanta mana 11.2 a Hausarka. Barista kuma ya karanta 11.2 a Turanci."

Darakta ya karanta, muryarsa da ƙarfi a farko. Lauya ya karanta nasa.

Darakta ya ce, "Wannan ɗan kuskuren bugu ne. Lamba ɗaya ce, Malam ne ya—"

"Lambar Malam daidai take da ta Turanci. Duba. Duka ashirin da shida daidai ya buga su. Kanun ne suka gudu suka bar su, kuma daga na takwas suka fara gudu." Ta tura masa jadawalin a kan gilashin. "Bari mu bar wannan. Shafin farko ya ce idan an sami saɓani irin na yanzu a duba sashe na ashirin. Buɗe mana shi."

Ya juya shafi. Ya sake juyawa. Ya kai ƙarshe, inda hatiminsa yake, ya koma baya, ya lashi yatsa ya sake bi. Ta bar shi ya nema. Za ta iya taimaka masa tun a juyi na farko, amma ta harɗe hannu tana kallon zufa tana tsattsafo masa a gefen hula duk da sanyin ɗakin. Shekara biyu ta jira, ba za ta rage ko daƙiƙa ɗaya ba.

"Babu," in ji Mai Burodi, wanda shi ma yake nema a nasa. "Sha tara ne ƙarshe."

Sai ta yi masa bayani a hankali, da Hausar da zai ɗauka. Ta ce ya ɗauka layinsu gida ashirin ne, kowanne da lamba a ƙofa, na takwas kango ne. Wani ya zo ya ce kango ba gida ba ne, ya cire lambar ya ba gidan gaba, na gaba ma haka har ƙarshen layi. Masu aike kuma ba a gaya musu ba.

Mai Burodi ya ajiye takardar. Ya dubi Darakta tun daga hula har takalmi.

"Kai, yanzu da na sa hannu, inji ya ƙi, na zauna wata uku ina jiran shekarata?"

"Da Turancin za a bi, Alhaji," in ji Lauya. "Na sha taran ya faɗa."

"Shekara talatin ina tsaye gaban wuta na tara abin sayen injinan nan. Kai kuma ka share layi don takarda ta yi kyau."

Darakta ya buɗe baki. Ita ta riga shi.

"Ba yau ya fara ba, Alhaji. Akwai wani mai kekunan ɗinki, shi ba a kai ga duba masa ba." Ta dubi Darakta ido cikin ido. "Waccan ma kai ne na ƙarshe, ko ita ce ba ka taɓa ba?"

Wakilin kamfanin ya tattara birukansa, ya ce a ɗage zaman, kuma yana so a aiko masa da cikakken rahoto, da wanda ya yi me, domin akwai wasu yarjejeniyoyi huɗu da ofishin nan ya fassara musu. Lauya ya ce tunda an zo nan, mutuminsa yana so kwana goma sha huɗun ya koma talatin. Ita kuwa ta sauko daga benen. Ta koma shago, ta zauna, ta buga rahoton a zama ɗaya, ta tura wa Lauya da kamfanin kafin la'asar.

Washegari da safe tana goge teburinta sai ga Yaya. Yaya ba ta taɓa tako shagon nan ba tun da Auta ta koma cikinsa. Ta tsaya da jakarta a hammata, idanunta sun kumbura.

"Auta, kin kyauta ke nan?"

"Ina kwana, Yaya. Zauna mana."

"Ko abinci bai ci ba jiya. Kamfanin nan su ne rabin aikinsa. An ce za ki rubuta rahoto. Ki rufa mana asiri, ki ce kuskuren ofis ne, kada ki sa sunansa. Don Allah, don yaran nan."

"Ni da aka sa nawa sunan, wa ya zo ya ce a cire?"

Yaya ta zauna a kujerar roba, ta yi ta murza hannun jakarta. Kafin ta yi aure ta yi shekara huɗu tana buga takardu a ofishin wani lauya, ta san takarda, ba baƙuwarta ba ce.

"Na san ba ke ba ce," ta ce a hankali.

"Jiya kika sani."

"Tun lokacin." Ba ta ɗago ba. "Ranar da takardar kekunan za ta fita ya dawo gida yana dariya, ya ce ya share wani layin banza a aikin Auta. Da rigimar ta tashi na tuna. Na gane abin da ya faru."

Auta ta ajiye tsumman.

"Kin gane. Kika ce in ba shi haƙuri."

"Me kike so in yi? Mijina ne. Na ce ke yarinya ce, za ki samu wani wurin. Ko shi ban gaya masa ba, kin dai san halinsa..."

"Da kin gaya masa da bai sake ba. Kin ga ke kika kai shi ɗakin taron jiya, ba ni ba." Ta ɗauki mayafinta. "Kina zaune a wurin, Yaya, duk ranar da Inna ta janye jakar nan daga hannuna. Kina zaune kina kallo. Tashi mu je."

"Ina?"

"Wurin Inna. Abin da kika gaya min yanzu, ki gaya mata da bakinki."

"In na faɗa za ki—"

"Tashi mu je."

Inna tana zaune bakin gado tana shafa mai a gwiwa, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa a kan taga. Ta ga 'ya'yanta biyu sun shigo tare, abin da ta daɗe ba ta gani ba, ta rage murmushin da ta fara da ta ga fuskokinsu. Yaya ta durƙusa. Ta faɗa, da kewaye-kewaye a farko, Auta tana tsaye jikin ƙofa ba ta taya ta da ko kalma ɗaya ba, har ta kai ƙarshe tana kuka.

Inna ta rufe kwalbar man, ta kashe rediyo.

"Shekara biyu," ta ce. "Kika bar ni ina wa yarinyar nan kallon mai rikitaccen kai."

Yaya ta share fuska da gefen mayafi, ta juyo. "Na faɗa, Auta. To rahoton fa?"

"Ya tafi tun jiya kafin la'asar. Da sunansa, da abin da ya faɗa da bakinsa. Na kuma rubuta cewa aikin Malam ba shi da aibi."

"Tun jiya? Kika bar ni na..."

"Ban yi miki alkawarin komai ba."

Yaya ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Ta tashi, ta ɗauki jakarta, ta fita ba sallama, suna jin ƙarar takalminta har bakin ƙofar gida. Auta ta san ba za a ga Yaya a gidanta ba nan kusa, wataƙila ma har yaran a hana su zuwa. Ta laluba zuciyarta ko za ta sami nadama, ta sami ciwo dai, amma ba ta sami nadama ba.

Inna ta yi ajiyar zuciya. "Ke ma zuciyarki da tauri, Auta."

"A wurinku na koya."

Inna ta ɗaga matashi, ta jawo jakar ledar nan da ta sha ninki, ta zaro wata sabuwar takarda.

"Sun canza min magani wancan makon. Darakta ya ce biyu da safe, ni kuma tun da na fara jiri nake ji." Ta miƙo. "Duba min."

Auta ta zauna a bakin gadon, ta karɓa. Ta dafa takardar a gwiwa, ta ciro jan biro daga jaka, ta fara daga layin farko.